Wasiƙar neman bizar yawon buɗe ido: abin da ɗan kasuwa zai faɗa wa ofishin jakadanci

Ma'aikacin gwamnati idan zai nemi biza aikinsa da sauƙi: ga takardar albashi, ga takardar hutu, ga ranar da zai koma bakin aiki. Ɗan kasuwa ba shi da ko ɗaya daga cikinsu. Babu mai ba shi hutu, babu mai jiran dawowarsa da alƙalami a hannu, kuɗinsa kuma ba ya shigowa a ƙarshen wata kamar na kowa. Yau miliyan uku sun faɗo a banki, gobe sun fita an biya kaya. Wanda ke duba dosiye a ofishin jakadanci bai san Kasuwar Mokolo ba, bai san adashi ba, kuma ba zai zo shago ya ga yadda ake ciniki ba. Abin da ke gabansa takardu ne kawai. Shi ya sa nake gaya wa 'yan kasuwarmu na nan Yawunde, da masu zuwa daga Garwa da Marwa da Ngaundare, cewa wasiƙar da ake ɗorawa a saman dosiye ta fi muhimmanci gare su fiye da mai albashi. Ita ce ke fassara takardun.

Na daɗe ina taya mutane shirya irin wannan wasiƙa da Faransanci, kuma akasarinsu Faransa za su. Don haka a kan bizar gajeren zama ta yankin Shengen zan yi magana, wadda ke ba mutum damar zama har kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Dokar biza ta Tarayyar Turai, ta shekarar 2009, ta faɗi abin da mai nema zai nuna: dalilin tafiya, inda zai kwana, kuɗin da zai riƙe kansa da su har ya dawo, da abin da zai sa a yarda cewa zai bar ƙasar kafin bizarsa ta ƙare. Wasiƙa mai kyau amsar waɗannan tambayoyi ce, shafi ɗaya, ko ɗaya da rabi idan akwai abin da ke buƙatar ƙarin bayani. Ba wurin roƙo ba ce, ba kuma wurin yabon Faransa ba.

Kuskuren ba shi da arha. Tun 11 ga Yuni 2024 kuɗin biza ya zama yuro 90 ga babba, wato kusan sefa 59,000, tunda yuro ɗaya sefa 655.957 ne. Ban da wannan akwai ladan TLScontact da ke karɓar dosiye bayan mutum ya cike fam a France-Visas. Idan aka hana, ba a mayar da ko dala. Kuma hanin yana zama a rumbun bayanan biza na ƙasashen Shengen har shekara 5, duk ofishin da ka je gobe zai gani.

Bari in ɗauki misalin wani Alhaji mai shagon shadda da atamfa a unguwar Birkiteri, wanda na taya shiri. Mutum ne da ya haura hamsin, ya je Dubai ya fi a ƙirga, ya je Sin sau biyu, ya yi Hajji da Umra. Turai ce bai taɓa takawa ba. Ya zo mini da wasiƙar da wani yaro ya buga masa a shagon kwamfuta, sakin layi uku: yana girmama Faransa tun yana ƙarami, yana son ganin wuraren tarihi, yana da isassun kuɗi, kuma ya yi alkawari zai dawo. Babu kwanan wata, babu adadi, babu sunan gari ban da Faris. Wasiƙa ce da mutum dubu za su iya sa wa hannu ba tare da an canza harafi ba.

Na fara da tambayarsa: "Alhaji, tsakani da Allah, me za ku je yi?"

Ya ce, "Malam, hutu ne. Shekara ashirin ina tafiya, kullum daga filin jirgi sai kasuwa, daga kasuwa sai filin jirgi. Amma fa in na je zan leƙa wajen masu atamfa, ka san hali. Kuma ɗan ƙanena yana Liyon yana karatu."

A cikin wannan amsar akwai abu biyu da wasiƙar farko ta ɓoye, kuma kowannensu na iya kawo hani.

Na farko, leƙa kasuwa. Akwai bambanci tsakanin ɗan yawon buɗe ido da ya zaga shagunan atamfa na unguwar Shato Ruj ya sayo wa iyali tsaraba, da ɗan kasuwar da zai je wurin masu sari a Obebiliye ya zauna da su a yi maganar oda. Na farko yawon buɗe ido ne, ba laifi a faɗe shi a wasiƙa da jimla ɗaya. Na biyu tafiyar kasuwanci ce, tana son takardar gayyata daga kamfanin can, ko shaidar rajistar baje koli. Fam ɗin biza yana da gurbin dalilin tafiya, kuma ana iya zaɓar fiye da ɗaya. Abin da ke kashe dosiye shi ne mutum ya zaɓi yawon buɗe ido, sannan takardunsa su riƙa nuna wani abu dabam, misali otal ɗin da ya kama yana bakin zauren baje koli a daidai makon da ake yin sa. Alhaji ba shi da wanda zai gana da shi, ba shi da oda. Sai muka bar shi a yawon buɗe ido, muka kuma rubuta cewa a matsayinsa na mai sayar da yadi zai ware rana ɗaya ya zaga shagunan, ba tare da wata ganawar ciniki ba.

Na biyu, ɗan ƙane. Mutanenmu da yawa sun yi imani cewa da zarar an san kana da ɗan'uwa a can an gama da kai. Gaskiya ne samun dangi a can yana sa a ƙara duba dosiye da kyau. Amma ka yi tunanin mai dubawa ya ga kwana biyu a Liyon ba tare da wani dalili ba, ko a kira ka a waya a tambaye ka ka fara kame-kame. Muka rubuta a fili: ɗan ƙanensa ɗalibi ne a Liyon, yana da takardar zama, zai ziyarce shi kwana biyu, amma a otal zai kwana kuma shi zai biya da kansa. Da a ce a ɗakin yaron zai sauka, da sai yaron ya je ofishin magajin garinsu ya karɓo takardar shaidar karɓar baƙo, wadda ake kawo ainihinta, ba hoto ba.

Sai jadawali. Mun tsayar da kwana 10, daga 6 zuwa 15 ga Oktoba: dare 6 a Faris, dare 2 a Liyon, sannan dare 1 a Faris kafin jirgi. Dare 9 ke nan, kuma kowane dare yana da takardar otal. Ba a buƙatar a lissafa abin da za a yi sa'a bayan sa'a. Ya isa a ambaci wurare uku ko huɗu da mutum zai je da gaske: Hasumiyar Ifel, gidan tarihi na Lubur, fadar Bersai, da Babban Masallacin Faris da aka buɗe a 1926, inda Alhaji ke son yin Juma'a. Sai dai in za a sa ranaku a duba kalanda. Lubur a rufe yake ranar Talata, fadar Bersai kuma ranar Litinin. Jadawalin da aka kwafo daga na wani yakan tona kansa a irin nan.

Akwai wani ƙaramin tarko a kwanan wata. Jirgin Alhaji da dare zai tashi daga Nsimalen ranar 5, ya sauka da safe ranar 6. Ranar shiga yankin Shengen ita ce 6, ita za a sa a fam, ita za a sa a wasiƙa, daga ita otal zai fara. Inshorar lafiya kuma, wadda doka ta ce ta kai aƙalla yuro 30,000 ta kuma yi aiki a duk ƙasashen Shengen, dole ta rufe dukan kwanakin har ranar fita. Na sha ganin dosiye da fam ya ce 5, otal ya ce 7, inshora ta ƙare ranar 14. Ba wanda ya yi ƙarya, amma takardun ba sa magana da baki ɗaya.

Kuɗi shi ne inda aikin yake, nan muka fi daɗewa.

Faransa tana da adadin da take ɗauka a matsayin mafi ƙarancin abin da baƙo zai riƙe a kowace rana: yuro 65 ga wanda ke da takardar otal, yuro 120 ga wanda ba shi da ita, yuro 32.50 ga mai takardar karɓar baƙo. Ga Alhaji, kwana 10 sau yuro 65 ya ba da yuro 650, kusan sefa 426,000. Wannan ƙasan ma'auni ne kawai. Wanda ya nuna daidai wannan adadi a banki bai nuna yana da halin zuwa hutu Turai ba. Abin da muka sa a wasiƙa shi ne kasafin tafiyar tasa ta gaskiya. Tikitin zuwa da dawowa sefa 620,000. Otal dare 9 a kan yuro 95, kusan sefa 561,000. Abinci da zirga-zirga da kuɗin shiga wurare yuro 80 a rana, kusan 525,000. Jirgin ƙasa zuwa Liyon da dawowa kusan 79,000, inshora 25,000. Jimla sefa 1,810,000.

Yanzu sai a ɗora wannan adadi a kan takardar banki ta wata 3 da suka wuce. A asusun Alhaji akwai sefa miliyan 6.4. Da gani ka ce magana ta ƙare. Amma miliyan 4 daga ciki sun shigo ne rana ɗaya, tsabar kuɗi, mako uku kafin randebu. A idon mai duba dosiye, wannan ita ce siffar kuɗin aro: ka je wurin aboki, ya zuba maka, a buga takarda, ka mayar masa. Suna ganin irinsa kullum, kuma ba su da hanyar bambance na aro da na halak sai in ka nuna musu.

Na ce, "Alhaji, waɗannan miliyan huɗun daga ina?"

Ya yi dariya. "Kwasar adashi ce. Mu goma ne, kowa dubu ɗari huɗu a wata. Wannan watan nawa ne."

Sai muka koma takardar bankin, ga shi kuwa: kowane farkon wata akwai fitar 400,000 cif. Wannan shi ne shaidar. Muka nemo kofin littafin adashin, inda sunansa da zubinsa da watan kwasarsa suke, da takardar da shugaban adashin ya sa wa hannu. A wasiƙa muka ba abin jimla uku, ma'anarsu ita ce: kuɗin da suka shiga a rana kaza, sefa 4,000,000, kwasar adashi ce ta mutum 10 da nake zuba 400,000 a kowane wata; ana iya ganin zubin a takardar banki a ranaku kaza da kaza da kaza; ko an cire wannan kuɗi, abin da ya rage, 2,400,000, ya wuce kasafin tafiyar. Jimlar ƙarshen ce ta fi ƙarfi, domin ta nuna tafiyar ba a kan kuɗin adashin ta dogara ba.

Da a ce kuɗin aro ne fa? Da na ce masa ya ɗage tafiyar. Babu wasiƙar da za ta wanke kuɗin da ba su da asali, kuma ƙirƙiro takardar adashi ko rasit na bogi ya fi ƙarancin kuɗi muni nesa ba kusa ba. Shawarar da nake ba duk ɗan kasuwar da ke da niyyar tafiya ita ce ya fara tun wata shida kafin lokaci: cinikin shago ya riƙa bi ta banki, ko da kowane mako ne, maimakon ya kwana a akwati. Wanda akasarin cinikinsa ta waya yake shigowa ya nemi takardar bayanin asusun wayar ya haɗa, ya kuma faɗa a wasiƙa cewa haka abokan cinikinsa suke biya.

Wani abu da 'yan kasuwa ke yawan cakuɗawa shi ne ciniki da riba. Mutum zai rubuta cewa yana samun miliyan 3 a wata, alhali wannan kuɗin da ke shiga shago ne kafin a biya kaya da haya da yara. Mai dubawa zai kwatanta da abin da ka bayyana wa ofishin haraji. Idan a can ka ce kai ƙaramin mai tebur ne, a nan kuma ka zama babban attajiri, ɗaya daga cikin biyun ba gaskiya ba ne. A wasiƙar Alhaji mun rubuta duka biyun, kowanne da sunansa: abin da ke shiga a wata, da abin da ke rage masa bayan an fitar da komai. Muka haɗa da rajistar kasuwanci ta RCCM, lambar haraji ta NIU, da takardar shaidar cewa ba a bin sa bashin haraji.

Saura maganar dawowa. A nan ne wasiƙu suka fi cika da rantsuwa, kuma a nan ne rantsuwa ba ta da amfani ko kaɗan. "Na yi alkawari zan dawo" ba hujja ba ce, domin wanda ya yi niyyar ɓacewa ma haka zai rubuta. Tambayar da ke zuciyar mai dubawa ita ce: me wannan mutum zai yi asara in bai koma ba? Alhaji yana da amsa, bai dai san ita ake nema ba. Yana da shago da yara uku masu aiki a ciki, da yarjejeniyar haya da ta rage shekara biyu. Yana da kayan da ya riga ya biya rabin kuɗinsu, ana sa ran saukarsu a tashar Duwala a watan Nuwamba domin cinikin ƙarshen shekara, kuma shi ne zai fitar da su. Yana da gida mai takardar mallaka da sunansa. Muka kuma faɗi wanda zai riƙe shagon a kwana goman, wato babban ɗansa, domin ɗan kasuwar da ya ce zai tafi bai faɗi wanda ya bar wa shago ba, ya bar tambaya a buɗe.

Wajen iyali sai a yi hattara. Da yawanmu aurenmu a masallaci aka ɗaura, ba a je ofishin magajin gari ba, don haka babu takardar aure ta hukuma. Kada a rubuta abin da ba za a iya nunawa ba. Alhaji ya dogara ne da takardun haihuwar 'ya'yansa, inda sunansa yake a matsayin uba, da takardun makarantar ƙananan. A nan muka ci karo da wata tsohuwar matsalarmu: sunansa a fasfo da wasali ɗaya aka rubuta, a rajistar kasuwanci da wani. Duk mai suna Muhammadu ko Usmanu a ƙasar nan ya san yadda magatakarda suka yi wa sunayenmu rubutu iri-iri. In akwai lokaci a je a gyara. In babu, a nemo takardar hukuma da ke shaida cewa mutum ɗaya ne, a kuma ambace ta a wasiƙa kafin mai dubawa ya gano bambancin da kansa.

Tsofaffin fasfo ma dukiya ne, kada a bar su a gida. Hatimin Dubai da na Sin da na Saudiyya duk suna faɗin abu ɗaya: an ba mutumin nan izinin shiga, ya shiga, ya fito a kan lokaci. Jimla ɗaya ta isa, da shekarun tafiye-tafiyen, sai kofin shafukan. Wanda kuma aka taɓa hana wa biza ya faɗa da bakinsa, da shekarar, da abin da ya canza tun daga lokacin. Suna da labarin a gabansu ko ka faɗa ko ba ka faɗa ba.

Da muka gama, wasiƙar ba ta kai shafi ɗaya da rabi ba. Ta buɗe da sunansa kamar yadda yake a fasfo, lambar fasfon, sana'arsa da shekarar da ya yi rajista. Sai tafiyar da kwanakinta, sai kuɗi, sai dawowa, kuma a ƙarshen kowace magana an sa lambar takardar da ke tabbatar da ita a cikin dosiye. Na karanta masa ita da Hausa daga farko har ƙarshe kafin ya sa hannu. Wannan ba na tsallake shi ga kowa. Mutumin da bai san abin da ke cikin wasiƙarsa ba, in aka tambaye shi otal ɗinsa ko ranar dawowarsa, amsarsa za ta saɓa da takarda, kuma shi za a kama da saɓanin, ba mai bugawa ba.

Ana iya ajiye dosiye tun wata 6 kafin tafiya, kuma bisa ƙa'ida kada ya gaza kwana 15. Amsa kan fito cikin kwana 15, amma doka ta ba su damar kai wa 45. Alhaji ya ajiye nasa a farkon Agusta, an ba shi biza da ta rufe kwanakin da ya nema. Ba zan ce wasiƙa ce ta ba shi ba. Na ga dosiye mai tsabta da aka hana, kuma hukuncin nasu ne. Wanda aka hana zai karɓi takarda mai jerin dalilai, an yi alama a kan wanda ya shafe shi. A karanta ta da kyau, domin ita ce ke nuna inda za a gyara: in alamar tana kan dalilin tafiya, jadawali da otal za a duba, in tana kan shakkar dawowa, ƙara kuɗi a banki ba zai magance ta ba. Ga bizar gajeren zama ta Faransa akwai damar ɗaukaka ƙara zuwa ofishin biza da ke birnin Nant cikin kwana 30.

Wanda ya samu kuma kada ya bar dosiyen a Yawunde. Biza ba ta tilasta wa ɗan sandan kan iyaka ya bar ka ka shiga, yana da ikon sake tambayar otal, inshora, tikitin dawowa da kuɗin guzuri. Kofin wasiƙar da waɗannan takardu su kasance a jakar hannu, ba a akwatin da aka auna ba. In an canza otal bayan fitowar biza, a riƙe takardar sabon, domin na farkon da aka soke ba zai amsa waya da sunanka ba.